Yadda ake lissafin jarin juyawa a shagon kayan masarufi

Akwai shagon da za ka shiga ka ga kaya har rufi, mai shi yana ciniki tun safe har bayan isha'i, amma ranar da zai je sari sai ya zagaya neman rance. In ka tambaye shi ko yana samun riba zai ce yana samu, kuma gaskiya ya faɗa. Ribar tana nan, sai dai tana kwance a cikin katan ɗin da ba a saya ba da littafin bashin da ba a biya ba. Kuɗin da zai ɗauka ya miƙa wa dila yau shi ne babu. Wannan kuɗin da ke fita ya zama kaya, kaya su zama ciniki, ciniki ya dawo aljihu a sake fita da shi, shi nake kira jarin juyawa, kuma abin da ya fi kashe ƙananan shaguna shi ne rashin sanin nawa ne shi da kuma kwana nawa yake yi a hanya kafin ya dawo.

Zan bi lissafin da shago guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Mu ɗauka shagon kayan masarufi ne a wani gari da ke wajen Kano, mai shi yana saro taliya, sukari, madara, man girki, sabulu da omo daga kasuwar Singa, yana sayar da ɗai-ɗai ga mutanen unguwa, yana kuma ba masu shayi da masu tireda katan-katan. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin rabawa. Kai sai ka sa naka a gurbinsu.

Mataki na farko: ware abin da ke juyawa daga abin da ke zaune

Ɗauki takarda ka raba ta biyu. A gefe ɗaya rubuta abubuwan da ka saya don su zauna a shago: firiza, janareta, kanta, sikeli, babur ɗin kai kaya, kuɗin gyaran ƙofa. Waɗannan dukiya ce, amma ba za ka biya dila da su ba, don haka ba sa cikin lissafinmu. A ɗaya gefen za ka rubuta abin da ke zama kuɗi cikin 'yan kwanaki ko makonni. Mutane da yawa in an tambaye su jarinsu sai su haɗa duka biyun su ce miliyan shida, alhali abin da ke yi musu aiki kullum bai wuce rabin haka ba.

Mataki na biyu: ƙirga abin da ke hannunka da abin da ake binka

Wannan aikin na dare ɗaya ne, bayan an rufe shago, kuma sai da biro. Abubuwa uku za ka ƙirga. Na farko tsabar kuɗi, wato na durowa da na asusun banki da ake yi maka taransfa a ciki. Na biyu kaya, na kanta da na sito, kuma a kan farashin da ka saro su za ka rubuta, kada ka sa farashin da kake fatan sayarwa, domin ribar da ba a ci ba ba taka ba ce tukuna. Na uku bashin da kake bin mutane.

A shagonmu na misali an sami naira 400,000 tsaba, kaya na naira 2,700,000, da bashi a hannun mutane na naira 1,000,000. Jimla naira 4,100,000.

Sai kuma abin da ake binka wanda dole ka biya nan kusa. Dilan Singa yana bin naira 720,000 na kayan da ya bayar a kan za a kawo kuɗi zuwa na gaba. Akwai kuma naira 80,000 da wata maƙwabciya ta ba da ajiya. Kuɗin ajiya yana yaudarar mai shago ƙwarai, don yana zaune a durowa ɗaya da nasa, yana ganinsa kullum har ya saba da shi, ranar da mai shi ta zo karɓa kuma ba za ta saurari uzuri ba. Jimlar abin da ake binsa naira 800,000.

Cire na biyun daga na farkon, saura naira 3,300,000. Wannan shi ne jarin juyawar shagon a wannan daren. Amma dubi yadda ya rabu. Daga cikinsa abin da mai shago zai iya ɗauka ya kashe yanzu naira 320,000 ne kawai, wato tsabar da ke hannu bayan an cire ajiya. Sauran duk yana hanya.

Kafin ka wuce, sake duba kayan da bashin da idon gaskiya. Madarar da ta rage wata ɗaya ta lalace, sabulun da ya yi kwantai tun bara, bashin mutumin da ya bar gari wata shida da suka wuce, duk ka ja musu layi ka rubuta su daban. Zuciya ba ta son wannan, na sani, domin kamar mutum yana rage wa kansa arziki ne da hannunsa. Amma in ka bar su a ciki, lissafin zai riƙa gaya maka kana da kuɗin da ba za ka taɓa kaiwa kasuwa ba. Wanda ya saba fitar da zakkar kasuwanci ya riga ya san wannan rabon, domin malamai suna bambanta bashin da ake sa ran biyansa da wanda aka fid da rai, sai dai a lissafin zakka ana yi wa kaya ƙima ne da farashin kasuwa na ranar.

Mataki na uku: ƙirga kwanakin da kuɗinka ke yi a hanya

A nan zan daɗe, don nan ne gishirin maganar. Kana buƙatar sanin abu biyu daga littafin cinikinka na aƙalla wata ɗaya: cinikin da kake yi a rana in an daidaita, da kuɗin da ka saro kayan wannan cinikin. Shagonmu yana cinikin naira 200,000 a rana, kayan da suka fita kuma an saro su naira 180,000. Bambancin, naira 20,000, shi ne riba kafin a cire hidima. Hidimar yini, wato sallamar yaran shago biyu, man janareta, dako, leda da kuɗin mota in an raba shi kan kwanaki, ta kama naira 8,000. Abin da ya rage wa mai shago naira 12,000 ke nan a rana.

Yanzu tambaya ta farko: katan in ya shigo shago, kwana nawa yake yi kafin ya fita? Raba kuɗin kayan da ke ajiye da kuɗin kayan da ke fita a rana. Naira 2,700,000 a raba da 180,000, ya ba da kwana 15.

Tambaya ta biyu: bayan kaya sun fita, kwana nawa kuɗinsu ke yi kafin ya shigo? Raba bashin da kake bi da cinikin rana. Naira 1,000,000 a raba da 200,000, kwana 5. Wannan matsakaici ne, ya haɗa wanda ya biya nan take da mai shayin da sai bayan mako uku.

Tambaya ta uku: kai kuma kwana nawa dila yake ɗaga maka ƙafa? Naira 720,000 a raba da 180,000, kwana 4.

Haɗa na farko da na biyu, ka cire na uku. Sha biyar da biyar ashirin, a cire huɗu, saura kwana 16. Ma'anarsa, duk nairar da mai shagon nan ya miƙa a Singa sai ta yi kwana 16 kafin ta dawo hannunsa. A cikin waɗannan kwanakin kuma shago bai tsaya ba, kullum yana cin naira 188,000, kuɗin mayar da kaya da na hidima. Ninka 188,000 sau 16, za ka sami naira miliyan uku da 'yan kai. Wannan shi ne abin da shagon yake buƙata don ya ci gaba da tafiya yadda yake, ba tare da ya ƙara ko katan ɗaya ba. In ka koma ka duba lissafin mataki na biyu za ka ga sun yi daidai: kusan miliyan uku na hanya, sai ɗan abin da ya saura a hannu, wanda bai kai abin da shago ke ci a kwana biyu ba.

Wannan ƙarancin tsabar shi ne raunin shagon. Ya isa a ce taransfar babban kwastoma ta maƙale kwana biyu, ko yaro ya kwanta asibiti, sai zuwa kasuwa ya gagara. Waɗanda suke kasuwa a farkon 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya bayan an canza fasalin takardun naira, sun ga yadda mutum zai kasance da kuɗi a asusu amma ya rasa na ba ɗan dako. A ganina shago irin wannan ya kamata ya riƙe abin da zai ɗauke shi kwana huɗu ko biyar ba tare da ya taɓa ba, wani a asusu wani a hannu.

Amfanin lissafin kwanaki shi ne yana nuna maka darajar kwana ɗaya. A shagon nan, duk kwana ɗaya da aka rage daga 16 ɗin yana sakin kusan naira 188,000 zuwa hannu, ba rance, ba roƙo. Matakai biyu na gaba duk a kan rage kwanakin nan suke.

Mataki na huɗu: rage kwanan kaya a kanta

Kwana 15 ɗin nan ba kowane kaya ke yin sa ba. Taliya, sukari da man girki wataƙila kwana huɗu ko biyar suke yi. Abin da ya ja lissafin ya yi tsawo shi ne turaren wanka, lemon kwalba mai tsada, wani sabon omo da wakilin kamfani ya zo ya yi wa mai shago daɗin baki a kansa. Hanyar gane su mai sauƙi ce: duk katan ɗin da ya shigo, rubuta ranar shigowarsa a jikinsa da maka. Bayan wata ɗaya zagaya sito, katan ɗin da kansa zai gaya maka wanda ke aiki da wanda ke barci. Abin da ya wuce kwana 45 bai motsa ba, sauke farashinsa ko da a kan uwar kuɗi ne, ka fitar da shi, ka mayar da kuɗin cikin kayan da ake tambaya kullum.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne rangwamen sari. Dila zai ce in ka ɗauki katan 100 na wani kaya mai naira 10,000 zai rage maka naira 300 a kowanne. Ka yi lissafi ka ga naira 30,000 ta sauka a aljihu. Amma in katan biyu kake sayarwa a rana, sai ka yi kwana 50 kafin su ƙare, kuma ka kulle kusan miliyan ɗaya a ranar farko. A shagonmu miliyan uku ke kawo ribar naira 20,000 a rana, wato kowace miliyan tana kawo sama da naira 6,000. Ko da ka lura cewa kuɗin yana dawowa kaɗan-kaɗan, ka ɗauka rabin miliyan ce kawai ta kwanta tsawon kwana 50, abin da za ta iya kawowa a kayan da ke gudu ya haura naira 150,000. Wannan lissafin yana aiki ne in da gaske kana mayar da masu saye saboda taliya ko sukari sun yanke maka. In kuɗin zaune yake ba ka da inda za ka sa shi, to karɓi rangwamen. Amma mai shagon da ke neman rance ranar sari ba ya cikin masu kuɗin zaune.

Mataki na biyar: littafin bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai shagon unguwa ba zai iya cewa ya daina bayarwa ba, don masu shayi da masu tireda su ne rabin cinikinsa. Abin da zai iya shi ne ya sa masa iyaka. Kowane mai karɓa a ba shi shafinsa, da ranar karɓa, da ranar da aka yi alkawarin biya. Wanda yake jin nauyin rubuta wa dattijo bashi ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajalin da aka ambata. Ba rashin yarda ba ne.

Duk ranar Juma'a raba littafin gida uku: wanda bai kai mako ba, wanda ke tsakanin mako da wata, da wanda ya haura wata. Gida na farko lafiya lau ne. Na biyu shi ne wurin aiki, a nan ake tuntuɓa tun magana ba ta yi nauyi ba. Ga mai shayi, abin da ya fi aiki shi ne ƙa'idar kawo na jiya ka ɗauki na yau, domin shi kullum yana ganin tsaba, kuma ya fi masa sauƙi ya ba da naira 15,000 kowace safiya da a tara masa naira 200,000. Ga ma'aikacin da ke jiran albashi, ka san ranar da ake biyansu, ka je a ranar ko washegari, kafin kuɗin ya watse. In babba ne, ka same shi shi kaɗai, bayan gaisuwa ka ce: "Baba, gobe in Allah ya kai mu zan shiga Singa, na ce bari in zo ko za a samu wani abu daga cikin lissafin nan, ko da rabi ne." Ka faɗi ranar, ka faɗi dalili, ka buɗe masa ƙofar biyan rabi, kuma ba ka ci masa fuska ba.

Game da taransfa, kada kaya su bar shago a kan hoton rasit da aka nuna maka a waya. Buɗe asusunka ka ga kuɗin ya zauna.

In shagonmu ya sauke kwanan kaya daga 15 zuwa 12, na bashi daga 5 zuwa 4, zagayen ya koma kwana 12. Kwana huɗun da aka rage sun saki kimanin naira 750,000. Ajiyar kwana huɗun da na ambata ta samu ke nan daga cikin shagon kansa.

Ɓangaren dila kuma ba na ba da shawarar a ja shi. A takarda, ƙara kwanakin da yake ɗaga maka yana rage zagaye, amma amanar da ta sa ya ba ka kayan naira 720,000 ba takarda ita ce jari mafi arha da kake da shi. Biya a ranar da ka ce, bayan wata shida sai ka nemi ya ƙara maka kwanaki a fili.

Mataki na shida: toshe inda jari ke yoyo

Yoyo na farko hannun mai shago ne. Cefane daga durowa, kuɗin makaranta daga durowa, gudummawar biki daga durowa, ga taliya da madara da ake ɗauka a kai gida ba a rubuta ba. In riba naira 12,000 ce a rana kana ɗibar 15,000, kana cin uwar kuɗi naira 90,000 a wata ba ka sani ba, don kanta ba ta nuna ramar da wuri. Yanka wa kanka abin da za ka ɗauka kullum, a ce naira 7,000, kayan da aka kai gida ma a cire su daga ciki. Manyan kuɗaɗen da ke zuwa sau ɗaya a shekara kuma a tara su tun yanzu: hayar naira 360,000 kusan naira 1,000 ce a rana, a zuba ta adashi ko wani asusu daban, don kada ranar biya a yanke ta daga kuɗin sari.

Yoyo na biyu shi ne sayen abin zaune da kuɗin juyawa. Firizar naira 600,000 da aka saya da kuɗin sari ta cinye fiye da abin da shago ke ci a kwana uku, kuma sai ta yi watanni kafin ta mayar. Irin wannan a tara masa daga riba.

Yoyo na uku ya fi ɓuya, shi ne tashin farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira wata ɗaya bayan haka, masu shaguna suka ga farashin sari yana canzawa tsakanin zuwa ɗaya da na gaba, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Ka saro katan naira 10,000, ka sayar 11,000, ka rubuta ribar 1,000. Ka koma kasuwa ka tarar ya zama 11,500. Uwa da riba duka ba su isa su mayar da katan ɗin da ya fita ba. In farashi ya tashi kashi 10 cikin ɗari, kayan naira 2,700,000 sai an ƙara naira 270,000 kafin a cika kanta yadda take. Saboda haka ka riƙa kiran dilanka kafin ka yanke farashi, ka ɗora ribarka a kan abin da za ka saya gobe. Ka kuma riƙa auna jarinka da katan. In bara kana iya saro katan 270 bana kuma 230, jarin ya ragu ko da lambar naira ta ƙaru.

Alamomin ramar jari ba sa ɓuya ga wanda ya san su. Zuwa kasuwa ya yawaita amma kayan da ake saukewa sun ragu. An fara sayen rabin katan. Ana jera kwalayen da babu komai a ciki a saman kanta don ta cika ido. An fara ƙin ɗaga wayar dila. In ka ga biyu daga cikin waɗannan a shagonka, koma mataki na biyu a daren.

Mataki na bakwai: lissafa kafin ka faɗaɗa

Bunƙasa ma tana karya shago. Mu ce wata makarantar kwana ko gidan abinci sun nemi a riƙa ba su kaya, ciniki zai tashi daga naira 200,000 zuwa 300,000 a rana. In zagaye yana nan a kwana 16, buƙatar jari ta tashi daga miliyan uku zuwa kusan huɗu da rabi. Ƙarin miliyan ɗaya da rabi ke nan, wanda a ribar naira 12,000 sai an yi kwana 125 ana tarawa ba a ci ko kwabo ba. In kuma sabon kwastoman sai ƙarshen wata yake biya, kwanakin bashi sun tsawaita, buƙatar ta wuce haka. Kafin ka ce to, tambaye shi yaushe zai riƙa biya, ka sa kwanakin a lissafi, ka nemi ya ba da wani kaso a gaba.

Azumi ma haka yake, sai dai shi ana ganinsa yana zuwa. Sukari, madara da mai suna gudu sosai, amma kuɗin sayensu ana buƙatarsa tun a Sha'aban, ciniki kuma sai wata ya kama. Wanda yake cikin adashi ya nemi a sa kwasarsa ta faɗo a Rajab ko Sha'aban. In sai an nemi kuɗi daga waje, ɗan'uwa zai iya zuba jari a kan a raba riba da kason da aka rubuta tun farko, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka sani, ka biya a ajali. Ko wanne ka ɗauka, gwada shi da kwanakinka: ajalin biya ya fi zagayenka tsawo, kuma abin da za a ɗora maka ya gaza ribar da kayan za su kawo. Rancen manhajar waya da ake biya cikin mako ɗaya ko biyu da ruwa mai yawa ba zai yi wa shagon da kuɗinsa ke kwana 16 a hanya aiki ba, domin ranar biya za ta zo kayan suna kanta, sai a cire daga kuɗin sarin gaba, kantar ta sake ramewa. Haka kuma bayan sallah ciniki yana sanyi, don haka a rage sari tun a goman ƙarshe, kada kuɗin azumi ya kwana a buhunan sukari har Zulƙida.